Kwafe sanarwa daga hoto mai dishi-dishi: abin da ido ya gani da abin da zuciya ta cike

Hoton allon sanarwa da aka ɗauka gab da magariba, ta bayan gilashi, hannu yana rawa, yana da hali guda mai kyau duk da muninsa: ba ya ɓoye rauninsa. Duk wanda ya buɗe shi zai ga inda rubutu ya fito raɗau, ya ga inda ya dushe, ya ga inda hasken fitilar waya ya zauna fari fat a kan layi biyu. Mai kallo ya san inda zai yarda da inda zai yi taka-tsantsan. Matsalar tana farawa ne sa'ad da wani mai son taimakon jama'a ya zauna ya buga abin da ke cikin hoton a wayarsa, ya tura. A rubutun da ya buga, lambar da ya gani da idonsa da wadda ya kirdada duk sun fito da baƙi ɗaya da girma ɗaya. Wanda saƙon ya isa gare shi ba shi da hanyar rabe su, zai ɗauke su duka a matsayin abin da hukuma ta rubuta, ya biya kuɗin mota a kan haka.

Saboda haka aikin mai kwafewa kashi biyu ne. Akwai kwafe kalmomin, akwai kuma kwafe shakkar da ke tare da su. Na biyun ne aka fi sakaci da shi, shi ne kuma ya fi buƙatar ƙwarewa.

Kafin a zo ga alamomi, yana da kyau a san abin da ke ɓata irin wannan hoto, domin kowace irin lalacewa tana da abin da take bari a karanta da abin da take hallakawa gaba ɗaya. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamarar waya takan daɗe tana shigar da haske kafin ta kammala ɗauka, a wannan ɗan lokacin kuwa hannu ya motsa. Sai kowane harafi ya ja wutsiya zuwa gefe guda. Alamar wannan ita ce duk haruffan shafin sun zame ta fuska ɗaya. Irin wannan lalacewa tana barin tsawon kalma da tsayin haruffa, wato za a iya gane cewa akwai harafi mai dogon wuya kamar b ko l ko h, amma ƙananan ramukan da ke raba 3 da 8, ko 5 da 6, sun cike. Idan kuma kyamara ta saita idonta a kan gilashin allon ko ƙarfen da ke kewaye da shi maimakon takardar, dushewar takan bazu ko'ina daidai wa daida, ba wutsiya. Ƙyallin gilashi shi ne mafi muni. Inda hoto ya zama fari tas, babu komai a ƙarƙashinsa da za a tono. Ana iya ƙara wa wuri mai duhu haske wani abu ya bayyana, amma wurin da haske ya ƙone ya tafi ke nan.

Sai kuma batun nisa, wanda lissafinsa yake da sauƙi. Hoto yana ƙunshe da ƙananan ɗigogi da ake kira fiksel. Hoton waya na yau da kullum yakan kai 4000 a faɗi, 3000 a tsayi. Idan mutum ya ja da baya ya ɗauki allo mai faɗin mita 2 gaba ɗaya, kowace milimita ta sami fiksel 2 ke nan. Ƙaramin harafi na rubutun ofis, irin a ko e, tsayinsa wajen milimita 2 ne, wato fiksel 4 kacal. Idan aka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto na gama-gari, manhajar takan rage shi, gefensa mai tsawo ya koma wajen 1600, sai harafin nan ya kasa kai fiksel 2. Da ɗigo biyu ba a zana bambancin a da u. Amma da mai ɗaukar ya matsa ya cika fuskar waya da takarda ɗaya mai faɗin santimita 21, da harafin ya sami fiksel fiye da 25. Wannan ya sa jawo hoto da yatsu biyu ba ya ƙara komai bayan wani mataki: ana faɗaɗa ɗigogin da ke nan ne kawai, ba a samo sababbi.

Don haka matakin farko ba kwafewa ba ne, neman hoton asali ne. A tambayi wanda ya ɗauka ya sake turowa daga ma'ajiyar wayarsa ta zaɓin Document, wanda ba ya rage hoto, ko aƙalla ya danna HD. Sau da yawa abin da ke yawo a hannun mutane hoton fuskar waya ne na wani hoton da aka riga aka matse, kuma kowane irin wannan zagaye yana iya cin wani abu. Idan an samu na asali, rabin wahalar kan ragu. Idan ba a samu ba, sai a yi aiki da abin da ke hannu, a kuma faɗi haka a saman rubutun.

Masu kwafe tsofaffin rubuce-rubuce sun daɗe da fuskantar wannan matsala, sun kuma yi mata tsari. A 1931 masana rubutun da aka sassaƙa a duwatsu da na tsofaffin takardun Masar suka haɗu a birnin Leiden na ƙasar Holan, suka amince da alamomi na bai ɗaya. Harafin da ya ɓace a asali amma edita ya maido shi da fahimtarsa ana sa shi cikin baka mai kusurwa. Harafin da ake ganin wani ɓangarensa amma ba a tabbata ba ana ɗiga masa ɗigo a ƙasa. Inda haruffa suka ɓace ba a san su ba, ana jera ɗigogi gwargwadon yawansu. Har wurin da marubucin asali ya bari babu rubutu yana da tasa alamar, don kada a ɗauka gogewa ya yi. Malaman Musulunci sun riga su da ƙarnuka. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, ya bayyana yadda masu kwafe hadisi suke rubuta "sahha" a kan kalmar da aka bincika aka tabbatar, da yadda suke ja wata 'yar alama mai kama da kan harafin sadi a kan kalmar da haka ta zo a ruwaya amma akwai matsala a cikinta. Ba su gyara ta, suna nuna ta ne su bar wa mai karatu. Idan kuma mai kwafe ya tarar da gurbi a littafin da yake kwafowa, yakan bar gurbin, ya rubuta a gefe cewa a asali ma fari ne. Wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin hannu na zaure zai iya tuna irin waɗannan ƙananan rubuce-rubuce a gefen shafi.

Mai buga sanarwa a waya ba ya buƙatar dukkan wannan tsari. Ɗigo a ƙarƙashin harafi ma ba ya buguwa cikin sauƙi. Alama uku sun isa, dukkansu cikin baka mai kusurwa, domin baka na yau da kullum yana iya kasancewa a cikin sanarwar kanta. Ɗigogi na nufin haruffan da ba su karantu ba, kowane ɗigo harafi ɗaya. Harafi ko lamba da alamar tambaya na nufin zato. Bayani da kalmomi kuma na wurin da ɓarnar ta yi faɗi, a faɗi girmanta da dalilinta. A guji tauraro da ƙaramin layin ƙasa a matsayin alamar gurbi, domin a WhatsApp tauraro biyu suna mayar da abin da ke tsakaninsu rubutu mai kauri, layin ƙasa biyu kuma suna karkatar da shi, alamomin su ɓace ba tare da mai turawa ya lura ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce an turo hoton wata takarda da aka liƙa a allo mai gilashi a barandar sakatariyar wata ƙaramar hukuma, sanarwar rabon takin zamani ce, da Hausa aka buga ta. An ɗauka da yamma liƙis, daga gefen hagu, fitilar waya ta bugi gilashi a sama ta dama. Wata takarda ta daban ta rufe wani yanki na jerin sunaye, kuma hoton ya yanke kafin ƙarshen shafin.

A zagayen farko ana buga abin da babu tantama a kansa ne kawai, a bar gurbi a sauran wuraren ko da zuciya tana raɗa amsa. Dalilin wannan tsauri shi ne ƙwaƙwalwa tana saurin cike gurbi, kuma da zarar ta cike, ido sai ya fara "ganin" abin da ta faɗa. Abin da ya fito a layin farko shi ne: za a fara rabo ranar La, sai haruffa huɗu da suka dushe, sai 1 da wata lamba, sai "ga Yu", harafi ɗaya, "i, 2025".

A nan ne aikin yake da daɗi, a nan ne kuma ake faɗawa rami. Ranakun mako biyu ne suke farawa da La, Laraba da Lahadi, kuma kowacce haruffa shida ce, don haka tsawon kalmar bai raba gardama ba. Watanni biyu ne suke farawa da Yu, Yuni da Yuli, bambancinsu harafi ɗaya. Sai a koma ga tsayin haruffa, abin da rawar hannu ba ta cika gogewa ba. Harafin l dogo ne, n gajere. Idan a wurin harafi na uku babu abin da ya ɗaga sama da layin ƙananan haruffa, Yuni ne, kuma wannan karatu ne na ido, ana iya buga shi ba tare da alamar tambaya ba. Haka sunan ranar: a Lahadi akwai dogayen haruffa biyu bayan La, wato h da d, a Laraba kuwa b ce kaɗai, kusa da ƙarshe. A hoton namu ana hango dogon abu guda kusa da ƙarshe, amma wurin harafi na uku ya faɗa gefen ƙyallin, ba a iya rantsuwa cewa babu h a wurin. To Laraba ta fi ƙarfi, amma ba ta kai tabbas ba.

Lambar da ke bayan 1 kuwa dunƙule take, mai kewaye. Wannan ya fitar da 1 da 4 da 7, waɗanda sirara ne ko masu kusurwa. Saura 0, 2, 3, 5, 6, 8 da 9. Yanzu sai a ɗauko kalanda. A Yunin 2025, ranakun Laraba da suka faɗa tsakanin 10 da 19 su ne 11 da 18, Lahadi kuma 15 ce. An riga an fitar da 11. Saura zaɓi biyu: Laraba 18, ko Lahadi 15. Ofisoshin gwamnati ba su saba aiki ran Lahadi ba, tsayin haruffa ma ya karkata ga Laraba, saboda haka Laraba 18 ita ce mafi kusa da gaskiya. A lura da yadda harafi ɗaya na sunan wata yake riƙe da komai: da Yuli ne, da Laraba ta zama 16, Lahadi ta zama 13, lambobin da su ma dunƙulallu ne kuma za su dace da tabon da ke hoton.

Duk wannan lissafi mai kyau ne, ya kamata a yi shi. Abin da bai kamata ba shi ne a buga "Laraba 18 ga Yuni" haka kawai. Ba a karanta 8 ba, an ciro ta ne daga kalanda da kuma sanin al'adar ofis. Lissafin ya dogara da cewa wanda ya buga sanarwar bai yi kuskure tsakanin rana da kwanan wata ba, alhali irin wannan kuskure ba baƙo ba ne a sanarwar ofis, musamman idan tsohuwar takarda aka ɗauko aka sauya lambobi. Ya kuma dogara da cewa ba za a yi rabo ran Lahadi ba, alhali lokacin damina ana iya yin abin gaggawa a kowace rana. Wurin lissafi shi ne ƙasan rubutun, a bayanin mai kwafewa, inda mai karatu zai gan shi a matsayin ra'ayi mai dalili.

Ga yadda wani ɓangare na kwafin zai fito:

An kwafo daga hoto maras kyau, ban ga allon da idona ba. Ɗigo cikin [ ] harafi ne ko lambar da ba ta karantu ba. Alamar tambaya zato ne.

SANARWA
Ana sanar da manoman da sunayensu suka fito a ƙasa cewa za a fara rabon takin zamani ranar La[raba?] 1[8?] ga Yuni, 2025, da ƙarfe [.]:00 na safe, a [kalma biyu ko uku, ƙyallin gilashi ya cinye su].
Kowa ya zo da katin [....] da hotonsa guda biyu.
Kuɗin buhu: ₦2[.],000

7. Amin[a ko u] [sunan uba bai karantu ba]
8. Abdul[haruffa 4 zuwa 6] Musa
[lamba 12 zuwa 14: wata takarda ta rufe su]
[hoton ya yanke bayan lamba 23, ban san ko jerin ya ci gaba ba]

Bayanin mai kwafewa: 18 ga Yuni Laraba ce a kalanda, shi ya sa na zaɓe ta, amma 15 Lahadi ma tana yiwuwa. A tabbatar kafin a kama hanya.

Wani zai ce wannan kwafi ya cika ramuka, me amfaninsa? Amfaninsa ya fi yadda ake zato, domin gurbin da aka auna shi ma labari ne. Ɗigo ɗaya kafin ":00 na safe" ya gaya wa mai karatu cewa ba ƙarfe 10 ba ne, ba 11 ba ne, lamba ɗaya ce, don haka wanda ya isa da sassafe ba zai makara ba. Kuɗin buhu da aka rubuta ₦2[.],000 ya nuna farashin yana tsakanin dubu ashirin da dubu ashirin da tara, mutum ya san iyakar abin da zai tanada. Da an rubuta "farashi bai fito ba" kawai, da an zubar da wannan. Da kuma an kirdadi 25,000 don ita ce lambar da ta fi kama da farashi, da wani ya je da kuɗin da bai isa ba. Haka "katin [....]": gurbin haruffa huɗu ne ba tare da sarari a tsakiya ba, ya dace da "zaɓe", bai dace da "ɗan ƙasa" ba. Ana iya faɗin haka a bayani, tare da tuna cewa ƙidayar haruffa daga faɗin tabo kintace ce, tunda m ɗaya tana cin wurin i biyu ko uku. Shi ya sa a suna na takwas aka ba da tazara, 4 zuwa 6, maimakon ɗigogi ƙididdigaggu.

Sunaye su ne wurin da na fi ganin ya wajaba a riƙe hannu. A jimla, ma'ana tana taimakawa: idan aka ga "takin zam" kowa ya san sauran. A suna babu wannan taimako. Amina da Aminu, Jamila da Jamilu, Habiba da Habibu, harafin ƙarshe ne kawai ya raba su, kuma a da u su ne farkon haruffan da suke narkewa su zama tabo iri ɗaya. Abdul yana iya zama Abdullahi, Abdulƙadir, Abdulhamid ko Abdulmalik. Idan mai kwafewa ya san wani Abdullahi Musa a unguwarsu, zuciyarsa za ta miƙo masa wannan sunan nan take, ya buga shi da kyakkyawar niyya, bawan Allah ya bar gonarsa ya tafi sakatariya a ce masa ba shi ba ne. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ma tana cikin abin da ke fara ɓacewa, kuma ofisoshi da yawa ba sa buga ta tun asali, don haka kada a ƙara ta inda ba a gan ta ba, kada kuma a ɗauki rashinta hujja.

Lambar waya da lambar asusun banki sun fi suna tsanani. Lambar waya a Najeriya 11 ce, a Nijar 8, lambar asusu a bankunan Najeriya 10. Ƙidayar tana taimakawa wajen sanin ko an tsallake wata. Amma idan biyu sun dushe, akwai hanyoyi 100 na cike su, kuma mafi yawansu na iya zama lambar wani mutum da bai san hawa ba bai san sauka ba. A irin wannan wuri ni ban ga amfanin alamar tambaya ba, domin mutane za su kwafi lambar su bar alamar. Gara a rubuta cewa akwai lambar asusu amma ba ta karantu duka ba, kada a biya kuɗi sai an gani a allo. Idan jerin yana ɗauke da lambobin wayar mutane ko na katin shaidarsu, ko sun fito tangaran ba dole ne a buga su a yaɗa ba. Liƙa abu a barandar ofis daban, watsa shi a wayoyi dubu daban.

Akwai wasu kurakuran da ba daga dushewar harafi suke zuwa ba. Hoton da aka ɗauka daga gefe yana sa layuka su gangara, sai sunan da ke layi na tara ya daidaita da mazaɓar da ke layi na goma a ɗaya gefen jadawalin. Kowace kalma an karanta ta daidai, amma an aurar da ita ga wadda ba tata ba, kuma babu alamar da za ta tona wannan. Maganinsa a bi layin jadawali da gefen takarda ko rula a kan fuskar wayar, a kuma ƙirga layuka daga sama a gefen hagu da gefen dama a ga ko sun yi daidai. Sai bambanci tsakanin gurbin da aka bari babu rubutu da gurbin da haske ya wanke. Dukkansu fari ne a hoto. Idan ana ganin zanen layin jadawali da launin takarda a wurin, babu rubutu ne, sai a rubuta [babu komai a nan]. Idan layin ma ya ɓace, haske ne, sai a rubuta [ƙyalli]. A jerin sakamakon jarrabawa wannan bambanci shi ne tsakanin ɗalibin da ba a fitar da makinsa ba da wanda makinsa yana nan, hoto ne bai kama ba.

Gyaran biro ma abin lura ne. Ofis yakan soke kwanan wata da hannu ya rubuta sabo a samansa, kuma shuɗin biro siriri yana dushewa fiye da baƙin injin bugawa. A hoto maras kyau sai ya zama kamar datti a kan gilashi, mai kwafewa ya karanta tsohon kwanan da aka soke don shi ne ya fi fitowa. Duk tabon da ya zauna daidai kan lamba ko a samanta ya cancanci a ambace shi. Haka sa hannu da hatimi: ko ba a karanta su ba, a faɗi cewa akwai su ko babu, ko kuma hoton bai kai wurinsu ba. A duba shekara kuma. Allunan ofis sukan riƙe takardar bara har ta yi ja, kuma sanarwar da aka kwafe ba tare da shekararta ba tana iya tayar da mutane zuwa rabon da aka gama tuntuni. Idan kuwa sanarwar ce da kanta ta yi kuskure, misali ta ce Laraba 19 ga Yuni, 2025 alhali 19 Alhamis ce, a buga yadda take, a sa [haka yake a rubuce], a bar gyara ga waɗanda suka rubuta.

Game da gyara hoton kafin karatu, ƙara haske, ƙara bambancin baƙi da fari, mayar da shi baƙi da fari, da miƙe shi idan ya karkace duk suna taimakawa, domin suna fito da abin da ke nan ne. Kaifafa hoto da yawa kuwa yana ƙirƙiro gefuna inda babu, tabo ya ɗauki siffar lamba. Cewa lamba ta fito tsaf ba hujja ba ce cewa ita ce ta asali. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan Xerox suna sauya lambobi a takardun da aka sikana da su, 6 ta koma 8. Dabarar matse hoto da suke amfani da ita, JBIG2, takan adana siffa ɗaya ta maimaita ta a duk inda ta ga mai kama da ita, sai lambar da ba daidai ba ta fito da kyau kamar sauran. Don haka a riƙa ajiye hoton asali a gefe, duk abin da aka gani a gyararren a koma a neme shi a can. Hanyar da ta fi aminci wajen tantance lamba ita ce kwatanta ta da 'yan uwanta a cikin takardar: a nemi 8 da 3 da 5 da suka fito sosai a jerin lambobin sunaye, a ga yadda kowacce ta dushe a wannan hoton, sannan a dawo ga wadda ake shakka. Wani lokaci ma rage girman hoton da nisanta wayar daga ido ya fi jawo shi kusa.

Idan akwai mutum na biyu, a ba shi hoton ya karanta wurin da ake shakka ba tare da an gaya masa zaton farko ba. "Wace lamba kake gani a nan?" tambaya ce mai amfani. "Ba 18 ba ce wannan?" kuwa ta riga ta ba da amsa, kusan kowa zai ce i. Idan mutum biyu sun karanta daban-daban suka dace, zato ya ƙara ƙarfi, ko da yake alamar tambaya tana nan. Idan sun saɓa, a rubuta duka biyun, kamar [3 ko 8].

Wuri na ƙarshe da alamomin suke zubewa shi ne hanya. Da yawa daga manoman da sanarwar ta shafa ba su za su karanta ta ba, ɗa ne ko maƙwabci zai karanta musu, ko wani ya mayar da ita saƙon murya. Mai karantawa da baki yakan tsallake baka da alamar tambaya, ya ce "Laraba sha takwas ga wata" kai tsaye. Shi ya sa bayanin alamomi yake zama a sama, cikin saƙo ɗaya da kwafin, ba a saƙo na biyu da za a manta a tura ba. Shi ya sa kuma wuraren da kuskure a cikinsu zai jawo asara, wato rana, wuri, kuɗi da suna, ake maimaita shakkarsu da cikakkiyar jimla wadda ko an karanta da baki za ta tsira: "Baba, ranar ba ta fito sosai ba, ana zaton Laraba ce, amma a bari a tambayo." A haɗa hoton da kwafin duk inda za a tura, don mai ido ya duba da kansa.

Idan akwai wanda zai iya komawa wurin allon, a gaya masa ainihin abin da ake nema maimakon "ka sake ɗauko mana": layin farko na sanarwar, sunaye daga 12 zuwa 14 bayan ya ɗaga takardar da ta rufe su idan allon a buɗe yake, da ƙasan shafin har zuwa hatimi. Ya je da rana, ya kashe fitilar waya, ya goge idon kyamara, ya ɗauki takarda ɗaya-ɗaya, ya taɓa rubutun a fuskar waya don kyamara ta saita a kansa. Idan gilashi yana ƙyalli ya ɗan gusa gefe har ƙyallin ya sauka daga kan rubutu, ya ɗauka sau biyu daga wurare daban, ta yadda abin da haske ya rufe a ɗaya zai fito a ɗayan. Sabon kwafin da za a fitar a rubuta a samansa cewa ya maye gurbin na farko, a kuma ambaci wuraren da suka sauya, domin na farkon yana nan yana yawo a wayoyin mutane.